Me ya haɗa PCA da aigenbekta na matiriks ɗin kobariyans?

Ummi_Kididdiga:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. A darasinmu na ƙididdiga an gaya mana cewa PCA, dabarar rage yawan ma'aunai, bai wuce neman aigenbekta na matiriks ɗin kobariyans ba. Na haddace jimlar, kuma kwamfuta tana ba ni amsa, amma har yanzu ban gane dalilin da ya sa aigenbekta zai zama alƙiblar da bayanai suka fi bazuwa ba. Na ɗauki makin ɗalibai biyar a Lissafi da Fiziks domin in gwada da hannu:

```
dalibi     1   2   3   4   5
Lissafi   51  57  60  65  67
Fiziks    48  46  50  50  56
```

Ina roƙon wanda ya sani ya bi da ni ta cikin waɗannan lambobi, domin ina son in ga abin da idona.

Dan_Damagaram:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, abin da sauƙi. Ki ɗora ɗigo biyar ɗin a kan takardar giraf, Lissafi a kwance, Fiziks a tsaye, sannan ki ja layin da ya fi dacewa da su. Wannan layin shi ne PC1, alƙibla ta farko da PCA ke fitarwa, wato dai layin rigireshan ne aka sauya masa suna.

Malam_Mai_Alli:
Malama Ummi, kin yi daidai da kika zo da lambobi kaɗan, domin da su ake gane wannan abu. Maganar Ɗan Damagaram tana da gyara, amma bari mu fara da lissafin.

Matsakaicin makin Lissafi 60 ne, na Fiziks kuma 50. Mataki na farko shi ne a cire matsakaici daga kowane maki, domin abin da muke nema shi ne yadda ɗalibai suka bazu a kewayen tsakiyarsu. Idan kin cire za ki sami (-9, -2), (-3, -4), (0, 0), (5, 0) da (7, 6). Ki ninka kowace lamba ta Lissafi da kanta, ki tara: 81 da 9 da 0 da 25 da 49 sun ba da 164, idan aka raba da 4 ya zama 41, shi ne bariyans na Lissafi. Na Fiziks kuwa jimlarsa 56 ce, wadda ta ba da 14. Kobariyans kuma ana samunsa ne ta hanyar ninka lambobi biyu na kowane ɗalibi da juna: 18 da 12 da 0 da 0 da 42 sun ba da 72, a raba da 4 ya zama 18. Ga matiriks ɗin:

```
S = | 41  18 |
    | 18  14 |
```

Yanzu ga amsar tambayarki. Ki zaɓi kowace alƙibla a kan takardar, ki wakilta ta da bekta `u = (a, b)` mai tsawon 1, sannan ki sauke inuwar kowane ɗigo a kan layin da ke bin wannan alƙibla. Bariyans na waɗannan inuwoyi shi ne `u'Su`, wanda a misalinmu ya zama `41a² + 36ab + 14b²`. Idan kin fuskanci Lissafi kaɗai za ki sami 41, idan Fiziks kaɗai 14. Idan kin ba su ƙarfi ɗaya, wato alƙiblar (1, 1), za ki sami 45.5. Alƙiblar (3, 1) tana ba da 49.1, ta (2, 1) kuma tana ba da 50 cif, kuma duk yadda kika juya layin ba za ki wuce 50 ba. To, ki ninka S da (2, 1) ki ga abin da zai fito: (100, 50), wato (2, 1) sau 50. Matiriks ɗin bai karkatar da wannan bekta ko kaɗan ba, miƙa shi kawai ya yi sau 50. Abin da ake nufi da aigenbekta ke nan, 50 kuma ita ce aigenbalu tasa, kuma ita ce dai bariyans ɗin da kika auna a kan layin.

Ummi_Kididdiga:
Na gode ƙwarai, Malam. Na gwada da kalkuleta, kuma na sami 45.5 da 49.1 da 50 kamar yadda ka ce. Sai dai abin da ya rage mini shi ne, shin dace ne aka yi a waɗannan lambobi, ko kuwa dole ne kullum ƙololuwar ta faɗa a kan aigenbekta? Kuma ta yaya ka san (2, 1) za ka gwada tun farko?

Malam_Mai_Alli:
Dole ne, kuma dalilin yana da daɗin gani. Ki ɗauka kina tsaye a kan wata alƙibla `u`, kina son sanin ko juyawa kaɗan zuwa dama ko hagu zai ƙara bazuwar. Bekta `Su` shi ne yake nuna inda `u'Su` yake ƙaruwa da sauri. Muddin `Su` ya karkace daga `u`, akwai sauran riba a juyawa zuwa ɓangaren da ya karkata. Wurin da juyawa ba za ta ƙara komai ba shi ne inda `Su` ya kwanta a kan `u` daidai, wato `Su = λu`, inda `λ` ita ce aigenbalu. A littattafai ana nuna wannan da dabarar Lagrange, amma ma'anar ke nan.

Game da yadda aka samo (2, 1), ba cinta na yi ba. Ana warware `det(S - λI) = 0`, wanda a nan ya zama `λ² - 55λ + 250 = 0`. Lambar 55 jimlar 41 da 14 ce, 250 kuma ta fito ne daga 41 sau 14 a cire 18 sau 18. Amsoshin su ne 50 da 5. Idan kin saka 50 a layin farko za ki sami `41a + 18b = 50a`, wato `a = 2b`. Idan kin saka 5 za ki sami alƙiblar (-1, 2), wadda ta gitta ta farko a kusurwar digiri 90. Wannan gittawar ma tilas ce, domin lambar 18 da ke sama ita ce a ƙasa, kuma duk matiriks mai irin wannan daidaito aigenbektocinsa masu aigenbalu daban-daban a gicciye suke da juna. Ki lura kuma cewa 50 da 5 sun koma 55, jimlar bariyans da muka fara da ita. Juya takardar kawai muka yi, ba mu ƙara bazuwa ba, ba mu rage ba, sai dai yanzu 50 cikin 55, kusan kashi 91 cikin ɗari, sun taru a layi ɗaya.

Dan_Damagaram:
Malam, na amince da lissafin, amma har yanzu ina ganin layin da ka samo shi ne na rigireshan, tunda dukansu ta tsakiyar ɗigogin suke wucewa.

Hajiya_Rabi_R:
Ɗan Damagaram, gaskiyarka cewa dukansu suna ratsa (60, 50), amma daga nan sai su rabu. Gangaren layin rigireshan na Fiziks a kan Lissafi shi ne 18 a raba da 41, wato 0.44. Idan ka juya ka yi hasashen Lissafi daga Fiziks, sannan ka zana layin a kan takarda ɗaya, gangarensa 14 a raba da 18 ne, wato 0.78. Gangaren PC1 kuwa 0.5 ne, yana tsakaninsu. Layuka uku ne daban-daban daga ɗigo biyar ɗin nan. Bambancin ya taso ne daga yadda ake auna kuskure: rigireshan yana auna tazarar ɗigo daga layi a tsaye, domin ya ɗauki ɗaya a matsayin abin da ake hasashe, PCA kuma yana auna tazara mafi kusa, wadda ta sauka a kan layin a gicciye, domin bai fifita kowane darasi a kan ɗan'uwansa ba. Ta wannan fuskar ma Karl Pearson ya fara gabatar da dabarar a 1901, a matsayin neman layin da ya fi kusa da tarin ɗigogi, kafin Harold Hotelling ya sake gina ta a 1933 ta fuskar bariyans.

Dan_Damagaram:
Na karɓi gyara, Hajiya. Na zana su ukun yanzu, kuma lallai sun buɗe kamar almakashi daga tsakiya.

Sadiq_Kaduna:
Ni abin da na fahimta shi ne, tunda PC1 ya ɗauki kashi 91 cikin ɗari, kuma Lissafi ne ya fi nauyi a cikinsa, sakamakon yana cewa a ajiye makin Lissafi a jefar da na Fiziks. Ai rage yawan ma'aunai shi ne manufar PCA tun asali.

Malam_Mai_Alli:
A'a, Sadiq, ba a jefar da kowane darasi ba. PC1 sabon maki ne da aka haɗa daga darussan biyu. Idan an raba (2, 1) da `√5` domin tsawonsa ya zama 1, za a sami (0.894, 0.447), kuma makin kowane ɗalibi a PC1 shi ne 0.894 sau tazararsa a Lissafi, a haɗa da 0.447 sau tazararsa a Fiziks. Ɗaliban biyar za su sami -8.94, -4.47, 0, 4.47 da 8.94. Da a ce Lissafi kaɗai ka riƙe, 41 cikin 55 ka tsira da su, ba 50 ba.

Abin da ake jefarwa shi ne PC2, wato alƙibla ta biyu mai aigenbalu 5, kuma za ka iya ganin asarar a kan mutum ɗaya. Ɗalibi na farko yana da (51, 48). Idan ka sake gina makinsa daga PC1 kaɗai za ka sami (52, 46), wato ka ƙara masa maki ɗaya a Lissafi, ka rage masa biyu a Fiziks. Abin da ya ɓace shi ne cewa wannan yaro ya yi abin kirki a Fiziks fiye da yadda matsayinsa na gaba ɗaya ya nuna.

Binta_Lab:
Wannan batu na ƙarshe ya taɓa ni, domin ni malamar Fiziks ce a sakandare. Idan tambayata ita ce wane yaro ne Fiziks ɗinsa ya zarce Lissafinsa, to amsar tana cikin kashi 9 ɗin nan da ake shirin zubarwa. Na lissafa makin PC2 na sami 2.24, -2.24, 0, -2.24 da 2.24, abin da ke nuna cewa na farko da na biyar, waɗanda suka fi kowa nisa da juna a PC1, a wuri ɗaya suke a nan. Saboda haka ba na jin daɗin yadda ake kiran ƙaramin bariyans da sunan hayaniya marar amfani tun kafin a tambayi mai bayanan abin da yake nema.

Abba_Python:
Ga wanda yake son tabbatarwa a kwamfuta:

```python
import numpy as np
X = np.array([[51,48],[57,46],[60,50],[65,50],[67,56]])
S = np.cov(X, rowvar=False)
w, V = np.linalg.eigh(S)
print(w)   # [ 5. 50.]
```

Abubuwa biyu ne suka taɓa kayar da ni a nan. Idan an manta `rowvar=False`, `np.cov` zai ɗauki kowane ɗalibi a matsayin ma'auni, ya fitar da matiriks mai layi biyar. Sannan `eigh` yana jera aigenbalu daga ƙarama zuwa babba, don haka PC1 shi ne `V[:, -1]`, kuma a tsaye ake karanta shi. Na taɓa kwashe yini guda ina fassara PC2 a matsayin PC1 saboda wannan.

Ummi_Kididdiga:
Yaya Abba, na gwada a wata manhaja dabam sai ta ba ni (-0.894, -0.447). A wani gwajin kuma na sami aigenbalu 40 da 4 maimakon 50 da 5. Wanne ne kuskure a ciki?

Hajiya_Rabi_R:
Babu kuskure a ko ɗaya, Ummi. Bekta (-0.894, -0.447) yana kan layi ɗaya da (0.894, 0.447), fuskarsa kawai ya juya, kuma idan `u` ya cika sharaɗin `Su = λu`, to `-u` ma ya cika. Abin da kawai za ki kiyaye shi ne lokacin fassara, domin idan alamar ta juya, ɗalibi mafi ƙoƙari ne zai fito da maki mafi ƙanƙanta. Su kuma 40 da 4 sun fito ne daga rabawa da 5 maimakon 4. A manhajar R ma haka abin yake, `prcomp` yana rabawa da `n - 1`, `princomp` kuma da `n`. Alƙiblar ba ta sauyawa, kuma 40 cikin 44 daidai yake da 50 cikin 55.

Kuskure na gaske shi ne a manta cire matsakaici. Idan kin yi haka da waɗannan lambobi, bekta na farko zai fito kusan (0.77, 0.64), yana iƙirarin sama da kashi 99 cikin ɗari, alhali abin da yake nunawa kawai shi ne hanyar da ta tashi daga sifili zuwa (60, 50). Duk lokacin da kika ga bekta na farko ya yi kama da jerin matsakaitan ma'aunanki, ki koma ki duba wannan mataki.

Nas_Hauwa:
Ku ba ni dama in kawo abin da ya faru da ni. Na yi aiki da bayanan awon yara a wani asibiti, inda muke da tsawo a santimita, kaurin damtse a santimita, da nauyi. Da na gudanar da PCA, sai PC1 ya ɗauke kusan komai, na yi ta murna har na rubuta a rahoto cewa abu ɗaya ne yake bayyana girman yaran. Wadda take duba aikina ta buɗe jadawalin bektocin, ta ɗora yatsa a kan layin nauyi, inda lambar ta kusa 1, sauran kuma suka kusa sifili, ta tambaye ni da wane ma'auni aka rubuta nauyin. Ashe a giram aka shigar da shi, ba a kilo ba. PC1 ɗin da nake alfahari da shi nauyi ne kawai. Tun daga ranar ba na kallon kason bariyans sai na fara kallon bektan kansa.

Malam_Mai_Alli:
Labarin Nas Hauwa shi ne babban rauni na wannan dabara, kuma za mu iya ganinsa a lambobin Ummi. A ce malamin Fiziks ya ba da maki a kan 1000 maimakon 100, wato kowane maki ya ninku sau goma. Yaran su ne dai, ƙoƙarinsu bai sauya ba, amma bariyans na Fiziks zai tashi daga 14 zuwa 1400, kobariyans kuma daga 18 zuwa 180. Aigenbalu za su zama kusan 1423.4 da 17.6, PC1 zai koma kusan (0.13, 0.99), kasonsa kuma ya haura zuwa kusan kashi 99 cikin ɗari. Ɗazu Lissafi ne a gaba, yanzu Fiziks ya mamaye layin, kuma babu abin da ya jawo haka sai sifili ɗaya da aka ƙara a takardar maki. Matiriks ɗin kobariyans bai san santimita ko giram ba, girman lamba kawai yake gani.

Maganin da aka saba shi ne a raba kowane ma'auni da tushen bariyans ɗinsa, abin da R ke kira `sd`, kafin a fara, wanda daidai yake da amfani da matiriks ɗin korileshan. A R ana rubuta `prcomp(X, scale. = TRUE)`. A misalinmu korileshan ɗin 0.75 ne, aigenbalu za su zama 1.75 da 0.25, kason PC1 kuma kusan kashi 88 cikin ɗari, ko a kan 100 aka ba da makin ko a kan 1000.

Dan_Damagaram:
To ashe magana ta ƙare, kullum a yi amfani da korileshan a huta.

Hajiya_Rabi_R:
Ban yarda da kullum ɗin ba. Idan ma'aunan daban-daban ne, kamar na Nas Hauwa, babu gardama. Amma makin Ummi duka a kan 100 suke, kuma kasancewar ɗalibai sun fi bambanta a Lissafi bayani ne na gaske, wanda daidaitawar za ta shafe. Akwai ma wani abu da ya fi wannan: idan ma'aunai biyu ne kacal kuma korileshan ɗinsu ya haura sifili, PC1 na matiriks ɗin korileshan kullum (0.707, 0.707) ne, ko wane irin bayanai aka zuba. Alƙiblar ba ta ƙara gaya maka komai game da ɗalibanka. Ko a sanannun bayanan furen `iris` da Fisher ya yi amfani da su a 1936, furanni 150 da ma'aunai huɗu duka a santimita, PC1 yana ɗaukar kusan kashi 92 cikin ɗari da kobariyans, amma kusan 73 da korileshan, kuma ana samun masana a kowane ɓangare.

Malam_Mai_Alli:
Hajiya, hujjarki mai ƙarfi ce, amma a wannan misalin ina da ja. Kasancewar darussa biyu a kan 100 bai tabbatar da cewa maki ɗaya a Lissafi daidai yake da maki ɗaya a Fiziks ba. Wani malamin yana baza maki daga 20 zuwa 95, wani kuma yana tara kowa tsakanin 45 da 60. Idan haka ne, 41 da 14 suna ba mu labarin hannun malamai ne, kuma ni zan daidaita.

Binta_Lab:
A matsayina na mai ba da makin, ina ganin Malam ya faɗi abin da ke faruwa a ɗakin malamai. Sai dai wani lokaci jarrabawar ce take da tambayoyi masu rarrabe yara sosai, kuma wannan bazuwar ta yaran ce da gaske. Daga lambobi kaɗai ba za a iya bambance biyun ba, sai an ga takardar tambayoyin da yadda aka yi makin.

Ummi_Kididdiga:
Na gode muku duka. Na ɗauki shawarar Malam ta kallon inda `Su` yake karkata, na fara da (1, 0) na ninka da S, na sami (41, 18), mai gangare 0.44. Na sake ninkawa na sami (2005, 990), mai gangare 0.494, kuma a karo na uku ya kai 0.499. Ina gani da idona yadda matiriks ɗin yake jan kowane bekta zuwa (2, 1), domin a kowane zagaye ɓangaren PC1 yana ninkuwa sau 50, na PC2 kuma sau 5 kawai. Game da kobariyans ko korileshan, cikakkun bayanaina na ɗalibai ne daga makarantu uku, kuma kowace makaranta da malaminta na Fiziks. Hajiya da Malam, shin in cire matsakaicin kowace makaranta daban kafin in haɗa su, ko in cire matsakaici ɗaya na gaba ɗaya?

Hajiya_Rabi_R:
Ya danganta da abin da kike nema, Ummi. Idan kin cire matsakaici ɗaya, kuma makarantun sun yi nisa da juna a maki, PC1 zai iya zama layin da ya raba makarantun kawai. Ki fara zana makin PC1 da PC2, ki ba kowace makaranta launinta, ki turo mana hoton tare da bariyans na Fiziks na kowace makaranta.